Fitila mai ruwan ɗorawa da jar fitilar birki: abin da Golf ɗina ta koya mini a wata biyu

Motata Golf 5 ce, 'yar Kwatano, na shekara huɗu ina hawanta a cikin Kano. Kullum ina yin kilomita arba'in ko kusa da haka, daga gida zuwa wurin aiki da kai yara makaranta, yawancinsa a cikin cunkoso, ana takawa ana saki. A cikin wata biyu fitilun birki iri biyu suka kama mini a allon gaban direba, na ɗauke su abu ɗaya, kuma mutum biyun farko da na kai wa motar ba su raba mini su ba.

Ja ce ta fara. Da'ira ce da alamar motsin rai a tsakiya, da baka biyu a gefenta, irin wadda ke kamawa idan an ja birkin hannu. Wata safiya ina zagaya shataletale sai ta ƙyafta, motar ta yi ƙara sau uku, sannan fitilar ta mutu. Na duba birkin hannu, a sauke yake. Bayan kwana biyu ta sake yi lokacin da na taka birki da ƙarfi saboda wani mai Adaidaita Sahu ya shigo gabana. Na lura ba ta kamawa a miƙaƙƙiyar hanya, sai a kwana ko wurin tsayawar gaggawa. Na tsaya wurin wani matashin bakanike a bakin titi. Ya buɗe bonet, ya haska robar man birki, ya ce, "Alhaji, manka ne ya yi ƙasa." Na sayi ƙaramar gora ta DOT 4 naira dubu huɗu, ya cika robar har layin MAX, na ba shi dubu ɗaya, na tafi. Bai fi minti goma ba. Fitilar ba ta sake kamawa ba, ni kuma ban tambaye shi inda man ya tafi ba. Wannan tambayar ce ta kamata in yi, domin man birki ba kamar fetur ko baƙin mai yake ba, mota ba ta ƙona shi. Idan ya ragu, to ko dai yana yoyo a wani wuri, ko kuma ya sauka ya cike wani gurbi da ya samu.

Bayan kamar wata guda, ranar wata Alhamis, ina tayar da motar da yamma sai wata fitilar ta zauna ba ta mutu ba. Ita ma da'ira ce, amma mai ruwan ɗorawa, babu komai a cikinta, kuma bakan da ke gefenta a yanke-yanke suke. Gabana ya faɗi, domin na zaci matsalar nan ce ta dawo da wata kama. Birki kuwa yana kamawa lafiya, babu ƙara, babu abin da na ji ya canza a ƙafata. Na koma wurin matashin nan, ya duba mai ya tarar a cike, ya ce wannan ba tasa ba ce, ta mai wayarin ce. Mai wayarin ɗin yana kusa. Na jira shi fiye da awa ɗaya yana kan wata motar. Da ya zo ya juya sitiyari, ya zura hannu bayan tayar gaba ta ɓangaren direba, ya zaro wani ɗan soket mai waya biyu, ya haɗa wayoyin da juna ya naɗe da salatif. Muka tayar da mota, fitila ta mutu. Ya ce, "Oga, sensa ce kawai, duk masu Golf haka muke yi musu." Ya karɓi dubu biyu. Ban ji daɗi sosai ba, amma na ga allo ya yi fes, sai na kama hanya.

Na yi mako uku a haka, kimanin kilomita ɗari tara. Abin da ya sa na sake waiwayar maganar shi ne tafiya da ta taso mini zuwa Akwanga, bikin ƙanwar matata, da iyali a cikin mota. Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, ya san yadda ake gangara shi da ƙafa a kan birki. Wani abokin aikina mai Passat ya ce kada in kuskura in tafi sai an cire tayu an duba da ido, ya kwatanta mini garejin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana gyaran motocin Jamus.

Na isa ƙarfe takwas na safiyar Asabar, na tarar da mota uku a gabana. Sai wajen goma da rabi aka zo kaina. Na ba dattijon labari daga farko, da jar fitilar da mai ruwan ɗorawa da wayoyin da aka haɗe. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Malam, fitilu biyu ne, saƙo biyu ne. Bari mu fara da ja, ita ce mai kisa." Ya sa ni na shiga, na tayar da injin, na taka birki da ƙarfi na riƙe ƙafata kamar rabin minti. Ya ce in ji ko feda tana nutsewa a hankali a ƙarƙashin ƙafata. Ba ta nutse ba, ta tsaya cak. Sannan yaransa suka ɗaga motar, shi da kansa ya bi da tocila: masta, wato famfon da ke tura man birki, da ke ƙarƙashin robar mai, bututan ƙarfe na ƙarƙashi, tiyon roba na kowace taya, da bayan kowace kalifa. Yana neman laima ko wurin da ƙura ta jiƙe ta manne. Babu. Ya ce Alhamdu lillahi, ba yoyo ba ne.

Da aka cire tayar gaba ta hagu ya nuna mini inda man ya tafi. Kalifa ita ce ƙarfen da ya rungumi faifan birki, a cikinta akwai fistin da mai ke turowa ya matse fad biyu a jikin faifan, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Yayin da fad ke cinyewa, fistin yana ƙara fitowa waje don ya cim masa, kuma ba ya komawa inda yake da. Gurbin da ya bari a bayansa mai ne ke cike shi, daga robar sama. Saboda haka idan fad ɗin tayu huɗu suka yi nisa da cinyewa, sai a ga mai ya sauka a roba ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba a ƙasa ba. Ya ce wataƙila tun farko ba a cika tawa sosai ba, shi ya sa ta kai ƙasan layin MIN. A cikin robar akwai wani ɗan abu mai iyo a kan man, idan ya sauka sai ya kunna jar fitila. Dalilin da ya sa take ƙyaftawa a shataletale kawai shi ne man yana daidai gaɓa, da mota ta karkata sai ya tuntsura gefe ɗaya. Wato jar fitilar nan ta riga mai ruwan ɗorawa gaya mini fad ya yi nisa, aka rufe mata baki da gorar mai. Amma ya ja mini kunne sosai a nan, kuma ni ma zan ja wa mai karatu: ba a ganin jar fitila a ce ai fad ne. Fitilar ba ta san bambancin man da ya sauka bayan fistin da man da ke tsiyaya daga fasasshen tiyo ba. Na biyun yana iya kai mutum ga taka birki ya ji feda ta tafi ƙasa babu komai.

Sannan ya zaro fad na ciki na wannan tayar ya miƙo mini. Wata siririyar waya ta fito daga jikinsa zuwa soket ɗin da mai wayarin ya taɓa. Wayar tana shiga cikin naman fad ɗin ta yi lanƙwasa ta dawo, an binne ta a zurfin da zai rage kamar milimita biyu zuwa uku. Muddin ba ta tsinke ba, wuta tana zagayawa, mota ta san fad yana da sauran nama. Idan fad ya cinye ya kai wurin, faifai sai ya goge wayar ya tsinka ta, fitila mai ruwan ɗorawa ta kama. Na ga wurin da ido, ɗan jan ƙarfe ya bayyana a fuskar fad ɗin a goge. Sensar ba ta lalace ba, aikinta ta yi. Haɗa wayoyin da aka yi ya sa motar ta ci gaba da zaton fad ɗin sabo ne, kuma da na bar shi haka ba za ta sake yi mini gargaɗi ba har ƙarfe ya kama ƙarfe. Ya ce gaskiya ne wani lokaci soket ne ke tsatsa ko waya ta tsinke a hanya, fitila ta kama alhali fad yana da kauri, amma ba a gane hakan sai an cire taya an gani.

Tambayar da ta fi damuna ita ce wadda kowa ke yi: idan fitilar ta kama, tafiyar nawa ta rage? Dattijon ya ce shi ba ya amsa wannan da baki, sai da awo. Ya ɗauko ma'aunin kauri ya auna naman fad ɗin, ban da ƙarfen bayansa. Ya rage kaɗan ya cika milimita 3. Iyakar da kamfanin motar ya gindaya milimita 2 ce. Ya tambaye ni yaushe aka sa waɗannan. Allah ya sa ina ajiye rasit a aljihun gaban mota, kuma a bayan na wancan karon na rubuta lambar mita: 171,400. Ranar nan mita tana 201,900. Kilomita 30,500 ke nan. Sabon fad na gaban wannan mota namansa yana kai kamar milimita 13, don haka na cinye milimita goma a kilomita dubu talatin, wato milimita ɗaya a kowace dubu uku. A lissafi, wannan fad ɗin yana da sauran kilomita dubu biyu zuwa dubu uku kafin ya kai iyaka, kusan wata biyu a irin tuƙina. Zuciyata ta ɗan kwanta. Har na fara tunanin in je Akwanga in dawo sannan a canza.

Ya ce in dakata a cire ta dama. Da aka zaro fad na waje na ɓangaren dama, yana da milimita 5, ya fi na hagu ma. Na ciki kuwa milimita ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma a karkace ya cinye, gefe ɗaya saura ƙiris ƙarfe ya fito. Na daɗe ina kallonsa a tafin hannuna. Kalifa tana zamewa ne a kan wasu sanduna biyu masu giris, da roba a bakinsu tana hana ƙura da ruwa shiga. Robar ɗaya ta yage, ruwan damina da ƙasa suka shiga, sandar ta yi tsatsa ta cije. Kalifar ta daina zamewa yadda ya kamata, sai fad na ciki, wanda fistin ke turawa kai tsaye, ya ɗauki kusan duk aikin shi kaɗai. A wannan motar fad takwas ne, huɗu gaba huɗu baya, amma guda ɗaya tak ke da waya, na ciki a tayar gaba ta hagu. Fitilar labarin wannan ɗayan take bayarwa. Sauran bakwai ba ta san halin da suke ciki ba. Lissafin kilomita dubu uku da na yi daidai ne a kan fad ɗin hagu, amma na dama ya wuce iyaka tun kafin fitilar ta kama.

Ya tambaye ni ko na lura rim ɗin dama ya fi na hagu baƙar ƙura. Na lura, mai wankin mota ma ya taɓa faɗa mini, ban ɗauke shi komai ba. Ya ce idan mutum ya dawo daga tafiya ya kusantar da bayan hannunsa ga kowane rim ba tare da ya taɓa faifan ba, ya ji ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, ko mota tana ja gefe idan an taka birki, alamar ke nan. Ya ƙara da abin da ban sani ba: siririn fad ba ƙarewa kaɗai ce matsalarsa ba. Naman fad yana tare zafi. Idan ya yi siriri, zafin faifai yana ratsawa da sauri zuwa fistin da man da ke bayansa. A doguwar gangara da kaya a mota, man da ya tsufa ya sha laima yana iya tafasa, feda ta yi laushi. Naman da ya rage kaɗan kuma yana iya ɓamɓarewa daga ƙarfen bayansa gaba ɗaya. Milimita biyun da za su kai mutum kasuwa su dawo da shi a cikin gari na makonni, ba su ne abin dogara a Hawan Kibo ba.

An auna faifan ma. A gefensa an buga MIN TH 22, wato kada kaurinsa ya gaza milimita 22, sabo kuwa 25 ne. Na hagu ya ba da 23, na dama ya ɗan gaza haka, da 'yan layuka marasa zurfi. Ya ce za su iya ɗaukar wannan zubin, amma kada in yarda a kai su a fere, domin ferewa za ta kai su ƙasa da iyaka. Zubi na gaba a canza su biyun tare. Da na ƙara mako biyu ko uku ƙarfen fad ya kama faifan dama, da dole a sayi faifai biyu a ranar, kuma kuɗinsu ya ninka na fad.

Ya haɗa ni da babban yaronsa muka tafi Ƙofar Ruwa da tsohon fad a leda. Anan ma akwai abin lura. An fito mana da iri uku, biyu daga ciki babu waya a jikinsu, sun fi araha. Wanda bai sani ba zai ɗauka, a sa masa, fitila ta ƙi mutuwa domin soket babu abin da zai shiga, daga nan a koma ga haɗa wayoyi. A Golf wayar a jikin fad take, ba a sayar da ita daban. A Marsandi da BMW kuwa sensar 'yar aba ce da ake maƙalawa a jikin fad, ana sayenta ita kaɗai, kuma idan ta riga ta gogu sai an sa sabuwa. Na sayi mai waya naira dubu talatin da biyu, da robobin sandar kalifa da girisinsu dubu shida. Zuwa da dawowa da ciniki sun ci awa ɗaya da rabi.

Kafin a tura fistin baya don sabon fad ya samu wuri, dattijon ya sa aka zuƙe mai daga roba da sirinji. Ya ce ga sakamakon gorar nan da aka ƙara: man da ke bayan fistin zai koma sama, idan roba a cike take sai ya yi ambaliya, man birki kuwa yana cin fenti. Aka goge sandar da ta cije, aka sa giris da sabuwar roba, aka kwance salatif ɗin mai wayarin aka gyara soket. Na baya aka auna, milimita 5 da 6, aka bar su. Da ya ji ban taɓa canza man birki ba tun da na sayi motar, alhali ana so a canza shi duk shekara biyu, sai ya ce a yi yanzu tunda tafiya ce a gaba. Lita ɗaya ta DOT 4 dubu goma sha biyu, aka fitar da tsohon ta kowace taya. Da aka sauke motar ya hana ni motsa ta sai da na tattaka birki sau da yawa har feda ta yi tauri, domin takun farko bayan an tura fistin baya ƙasa take tafiya. Na tayar da injin, fitila mai ruwan ɗorawa ta mutu da kanta, ba a sa kwamfuta ba. Kuɗin aiki dubu goma sha biyar. Na bar garejin bayan La'asar, da umarnin in guji taka birki da ƙarfi na kilomita ɗari biyu na farko har fad ya zauna a jikin faifai, in kuma sauko da giya a gangara in bar injin ya riƙe motar.

Ga yadda nake ɗaukar fitilun yanzu. Idan ja ta kama ina tafiya, zan fara tabbatar da birkin hannu a sauke yake. Idan a sauke yake, zan nemi wuri in tsaya a lokacin, in duba robar mai, in leƙa ƙarƙashin mota da cikin tayu, in gwada feda. Idan mai ya yi ƙasa sosai, ko feda ta yi laushi ko tana nutsewa, motar ba za ta ƙara tafiya da ƙafarta ba, sai a jawo ta. Idan ja ta kama tare da ta ABS, wato na'urar da ke hana tayu kullewa idan an taka birki da ƙarfi, wannan ma ba na wasa ba ne, domin yana iya nufin na'urar da ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ta daina aiki, tayun baya su kulle a tsayawar gaggawa. A wasu motocin, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka, kalmar BRAKE ce ake gani da ja maimakon da'irar, ma'anar ɗaya ce.

Mai ruwan ɗorawa ba ta ce a tsaya a tsakiyar titi ba. Ana iya ƙarasawa gida, a je aiki gobe. Abin da take nema shi ne a cire tayun gaba biyu a cikin satin nan a auna fad huɗun, na ciki da na waje, a leƙa na baya. Idan duk sun kai milimita 3 kuma sun cinye daidai, akwai sararin 'yan makonni na tuƙin cikin gari a haɗa kuɗi a sayi mai kyau. Idan ɗaya ya kai 2 ko ƙasa, ko an fara jin gurzar ƙarfe, ranar za a canza. Doguwar tafiya da iyali ko kaya kuwa, ba zan fara ta da wannan fitilar a kunne ba ko nawa awo ya nuna. Masu Corolla da Camry da yawancin motocin Japan da muke hawa ba su da wannan fitilar sam, wani ɗan ƙarfe ne a jikin fad yake taɓa faifai ya riƙa tsuwa idan lokaci ya yi, tsuwar nan ita ce tasu mai ruwan ɗorawa.

Mun je Akwanga mun dawo lafiya, na gangara Hawan Kibo a giya ta uku. A bayan sabon rasit na rubuta 201,900, da kaurin fad na baya, da na faifai biyu. Dattijon ya ce in dawo idan mita ta kai 211,000 a sake auna na bayan, a kuma duba ko robar sandar nan tana nan lafiya kafin damina ta sauka.